Taba da Barci: Abin da ke Tayar da Mashayi Kafin Asuba

A Kiyako, manomin da ke kashe sigarinsa na ƙarshe bayan sallar isha'i yakan farka tun kafin ladan ya kira asalatu, jiki na neman taba. Dalilin shi ne sinadarin nikotin. Cikin kimanin awa 2 rabin abin da ya shiga jini ke fita, don haka tsakar dare ƙwaƙwalwa ta fara jin rashinsa, sai ta tayar da shi.

Kafin nan ma nikotin ya ƙara bugun zuciya ya jinkirta barci, ya kuma rage barci mai nauyi da ke hutar da gaɓɓai. Motsin akuya kaɗan ya ishe shi farkawa, ga gona na jiransa.

Likitoci na auna tsananin kamuwa da tambaya guda: minti nawa bayan farkawa mashayi yake kunna sigarin farko? In cikin minti 5 ne, abin ya yi nisa, ya nemi likita a Birnin Kudu.