Walat ɗin Bogi da Izinin Ɗiba: Yadda Ake Kwashe Asusun Kirifto



A watan Fabrairun 2021 wani mutum a Amurka ya nemi manhajar Trezor a App Store na kamfanin Apple. Ya same ta da sunanta da tambarinta, ya sauke, ta nemi kalmomin sirrin walat ɗinsa, ya rubuta mata. Nan take bitkoyin 17.1 suka bar asusunsa, kimanin dala 600,000 a farashin lokacin. Jaridar Washington Post ce ta ba da labarin. A lokacin kuwa kamfanin Trezor ba shi da manhajar waya ko ɗaya.

Babu wanda ya fasa na'urar Trezor ta mutumin nan, babu kuma wanda ya karya tsarin Bitcoin. Shi ya miƙa mabuɗin da hannunsa. Sau da yawa satar da ake yi wa ɗaiɗaikun masu kirifto haka take, kuma ta ƙofa biyu take shigowa: ko a karɓe kalmomin sirri, ko a sa mutum ya sa hannu a kan izinin ɗibar kuɗinsa. Duk ana kiran su da suna ɗaya, a ce "an yi masa hakin", alhali cuta biyu ce, kowace da maganinta.

Ƙofar farko ba ta da wuyar fahimta. Kuɗin kirifto ba a cikin waya suke ba, a rubuce suke a bulokcen. Abin da walat ke riƙewa mabuɗi ne, kuma daga kalmomi 12 ko 24 ake fitar da shi, waɗanda ake zaɓa daga wani jeri mai kalmomi 2,048. Duk wanda ya samu kalmomin nan a jere zai iya buɗe asusun a kowace waya, a kowace ƙasa, ba tare da lambar sirrin mai shi ko zanen yatsarsa ba. Don haka manhajar bogi ba ta bukatar wata gwaninta. Aikinta ɗaya ne: ta nuna akwatin rubuta kalmomi, ta tura su ga ɓarawo.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa abin da ke kasuwar manhajoji an tantance shi. Ana tantancewa, amma ɓarayi sun koyi zagaye. A Nuwamban 2023 an gano wata manhaja mai suna Ledger Live Web3 a Microsoft Store bayan ta tara kusan bitkoyin 16.8, kuma mai binciken nan da aka sani da ZachXBT ne ya tona ta. A Satumban 2024 kamfanin Check Point ya bayyana wata da ke kiran kanta WalletConnect a Play Store. Da sunan manhajar lissafi ta shiga, daga baya ta sauya kama. Ta yi wata biyar a wurin, an sauke ta fiye da sau 10,000, ta sace kimanin dala 70,000 daga mutum 150 ko kusa da haka, yabon ƙarya kuma ya binne koken waɗanda ta cuta. Taurari biyar da ake gani a ƙarƙashin suna, ana iya sayen su.

Al'adar da ke rufe wannan ƙofa ita ce kada a nemo walat ta akwatin bincike ko ta talla, balle fayil ɗin APK da wani ya turo a WhatsApp ko Telegram. A rubuta adireshin kamfanin da hannu, a bi hanyar saukewa daga can. Kalmomin kuma a takarda ake rubuta su, ba a ɗaukar su hoto. A Fabrairun 2025 Kaspersky ya ba da rahoton wata muguwar manhaja, SparkCat, da ke ɓoye a cikin wasu manhajoji a kasuwannin Google da Apple, tana bin hotunan waya tana karanta rubutun da ke ciki don neman waɗannan kalmomi. Bayan ranar buɗe walat, lokaci ɗaya ne ake rubuta su a manhaja: ranar da mutum ke dawo da walat ɗinsa a sabuwar waya. Mai na'urar Ledger ko Trezor kuwa ba ya rubuta su a waya ko kwamfuta don wata manhaja ta nema.

Ƙofa ta biyu ta fi bukatar a tsaya a kanta, domin tana kama har wanda ya ɓoye kalmominsa da kyau.

Tokin irin su USDT da USDC ƙaramar manhaja ce ke lura da su a kan bulokcen, wadda ake kira kwantiragi. Ita ke riƙe da lissafin wane yana da nawa. Idan mutum zai canza USDT a wata kasuwa irin Uniswap, kasuwar ba ta iya taɓa kuɗinsa sai ya ba ta izini tukuna. A tsarin ERC-20 umarni biyu ne ke yin wannan aiki:

```
approve(spender, amount)
transferFrom(from, to, amount)
```

Na farko mai kuɗi ne ke sa masa hannu, yana cewa adireshi kaza zai iya ɗibar adadi kaza. Na biyu wanda aka ba izinin ne ke kiransa, a lokacin da ya ga dama, ba tare da ya sake tambayar kowa ba. Kamar maigida ne ya ce wa yaro ya riƙa ɗibar hatsi a rumbu, bai faɗi mudu nawa ba, bai faɗi ranar dainawa ba. Domin a rage wa mutane kuɗin gas, shafuka da dama na neman adadi mafi girma da tsarin zai iya ɗauka, lamba mai alƙaluma 78, wadda walat ke nunawa da `Unlimited`. Izinin nan ba ya ƙarewa da kansa.

A ɗauki misali. Wani matashi mai sayar da waya yana da USDT 500 a walat ɗinsa, da ɗan ETH na biyan gas. A zauren Telegram ya ga sanarwar rabon tokin kyauta, irin wanda ya zama ruwan dare tun zamanin Notcoin da Hamster Kombat a 2024, lokacin da matasan Arewa suka duƙufa latsa waya. Ya shiga shafin, ya danna `Connect`. Zuwa nan bai yi asarar komai ba, sai dai shafin ya ga adireshinsa da duk abin da ke ciki. Ya danna `Claim`. Walat ta buɗe, kuma da ya karanta da ya ga kalmar `Approve` da sunan USDT da `Unlimited`. Mai karɓar kyauta ba shi da dalilin ba da izinin ɗibar kuɗinsa. Amma kuɗin gas ƙalilan ne, sanarwar kuma ta ce saura minti goma, sai ya tabbatar. Ɓarawon ya kira `transferFrom`, 500 ɗin suka tafi. Bayan wata biyu abokin ciniki ya turo masa USDT 300 a adireshin, su ma suka bi sahu, domin izinin yana nan daram.

Ɓarawon ma ba sai ya iya rubuta manhaja ba. Akwai masu ba da hayar kayan aikin, irin su Inferno Drainer, da ke ɗaukar kashi 20 cikin ɗari na abin da aka sata. Kamfanin Scam Sniffer ya ƙiyasta cewa irin wannan yaudara ta ci kimanin dala miliyan 295 a 2023, ta kai miliyan 494 a 2024.

Kada a ce sai mai kwaɗayin kyauta ne ke faɗawa. A BadgerDAO, a ƙarshen 2021, mutane sun shiga shafi na gaskiya a adireshinsa na gaskiya. Ɓarayi sun samu shiga asusun Cloudflare na shafin, suka cusa 'yan layukan da ke ƙara neman izini a cikin hada-hadar yau da kullum. Suka yi makonni suna tara izini ba su taɓa komai ba, sai ranar 2 ga Disamba suka kwashe kusan dala miliyan 120. Na'urar walat ba ta hana wannan, domin mai ita ne ya danna maɓallin amincewa. Abin da ya bambanta wanda ya tsira shi ne karanta adireshin da ke neman izinin kafin dannawa.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Tokin irin USDC na karɓar izini ta sa hannu kawai, abin da walat ke nunawa da `Permit`, kuma a 2022 Uniswap ta fito da Permit2 wanda ya faɗaɗa hanyar zuwa sauran tokin. Babu kuɗin gas, babu abin da ke bayyana a bulokcen har sai ɓarawo ya gabatar da sa hannun. Mutum zai ɗauka shiga shafi kawai yake yi. Sa hannun shiga na gaskiya saƙo ne da ake iya karantawa. Idan aka ga `spender` da `value` da `deadline` a cikinsa, maganar kuɗi ake yi.

To, ta yaya wanda aka cuta zai gane ƙofar da aka bi? Ya duba abin da ya rage. Izinin `approve` ba ya taɓa ainihin kuɗin bulokcen ɗin, wato ETH a Ethereum ko TRX a Tron. Idan USDT ne kaɗai ya tafi, kuɗin gas na nan, mai yiwuwa izini ne. Maganinsa shi ne a soke shi a revoke.cash ko a shafin izini na Etherscan, masu USDT na Tron kuma su duba Tronscan. Sokewar hada-hada ce da ke mayar da adadin zuwa sifili, tana cin ɗan gas, kuma ba ta dawo da abin da ya riga ya tafi. Danna `Disconnect` a walat ba sokewa ba ce, kuskuren da ake yawan yi ke nan: yana raba shafin da walat, ya bar izinin a inda yake.

Idan kuwa komai ya tafi, a bulokcen daban-daban, kuma duk ɗan gas ɗin da aka tura yana ɓacewa cikin daƙiƙoƙi, to kalmomin ne suka fita. Nan babu abin sokewa, kuma sauya lambar sirri ba ya amfani. Sai sabuwar walat da sababbin kalmomi, a kuma sanar da abokan ciniki su daina tura kuɗi tsohon adireshin.

Masu daɗewa a harkar sukan raba walat biyu. Ɗaya ta ajiya ce, ba a haɗa ta da kowane shafi, aikinta karɓa da turawa. Ɗayar ta yawo ce, ana zuba mata abin da za a yi amfani da shi a ranar. Idan za su ba da izini, sukan gyara adadin, domin MetaMask na ba da damar rubuta `Spending cap`: mai canza USDT 50 ya rubuta 50. Hakan na ƙara kuɗin gas, tunda kowane ciniki sai an sake neman izini, amma da matashin nan ya yi haka a walat ɗin yawo, da asararsa ba ta wuce abin da ya zuba a ciki ba.

Wanda ya yi kuka a fili cewa an kwashe masa asusu, ba a jimawa saƙonni za su cika masa akwati daga masu cewa su ma'aikatan kamfanin walat ne, ko ƙwararrun dawo da kuɗi. Wasu za su nemi kuɗin aiki tun farko, wasu su turo shafin "gyaran walat" mai neman kalmomi 12. Hada-hadar da ta tabbata a bulokcen ba a juya ta. Abin da kan yiwu shi ne kamfanin Tether ya daskarar da USDT a adireshin ɓarawo, ko wata babbar kasuwa ta riƙe kuɗin idan ya kai su can, kuma ta hannun hukuma ake bin wannan. Shi ya sa wanda abin ya shafa zai kwafe lambar hada-hadar da adireshin da kuɗin suka tafi, ya kai ƙara da su wurin EFCC ko sashen laifukan intanet na 'yan sanda.