Hukuncin Sayen Tsohon Littafi na Waƙafi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ƴan'uwa masu saurare a Gure da kewayenta, an kawo mana tambaya: wani ɗan kasuwa ya sayi tsohon Alƙur'ani rubutun hannu, hatimin Barno, cikin gafakarsa, a kan jaka hamsin. Da ya buɗe shi a gida, sai ya ga an rubuta a takardar farko cewa hubusi ne ga masallacin wani ƙauye. Yanzu wani baƙo ya taya shi da kuɗi masu yawa. Ko ya halatta ya sayar?

Muna cewa bai halatta ba. Hubusi, wato waƙafi, mai shi ya riga ya tsare shi saboda Allah, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna ba a sayar da shi. Wanda ya ɗauko littafin nan daga masallaci, ko da jikan limami ne, ya sayar da abin da bai mallaka ba. Biyan kuɗi kuwa ba ya wanke kayan sata. Wajibi ne a mayar wa masallacin nan littafinsa ba tare da an karɓi ko dala daga jama'arsa ba, ɗan kasuwa kuma ya bi wanda ya sayar masa, ya karɓi jaka hamsin ɗinsa.

Wani zai ce ai abin ya daɗe. To, daɗewa ba ta kashe haƙƙin wanda aka ƙwace wa abu bai sani ba, ko bai da ikon magana. Ku dubi takobin da ake jingina wa Alhaji Umaru Futi: sojojin Faransa suka tafi da shi, ya shekara fiye da ɗari a can, amma a 2019 aka miƙa shi ga Senegal. Ƙasarmu Nijar ma tana da doka tun 1997 wadda ta hana fitar da kayan tarihi ba da izinin hukuma ba. Saboda haka mai sayar wa baƙon nan ya saɓa wa shari'a, ya kuma saɓa wa doka.

Kafin ku sayi tsohon littafi, ku duba takardar farko da ta ƙarshe. In an yage su, ko an kankare suna, ko mai sayarwa ya ƙi faɗin gidan da abin ya fito, to ku janye hannunku. Wanda kuma irin wannan ke hannunsa, bai san masu shi ba, ya kai wa limami da mai gari a yi cigiya.

Azumi ba ya sauke haƙƙin mutane daga wuyan bawa, sai ya mayar. Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya tsarkake dukiyarmu. Allah ne Mafi sani.