Daga Gummi Zuwa Gusau Da Ƙananan Yara

'Yar'uwa, kin san hanyar Anka ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta, direba ba zai tsaya don ɗanki na kuka ba. To, shirin tun daga gida ne.

Ki tashe su da asuba, su sha kunu, su zaga, su yi ta wasa har lokacin tafiya tasha. Kafin Daki Takwas barci ya kwashe su. In kika bari suka yi barcin safe, a mota za su ishe ki.

Babbar jaka a but, ƙarama a cinyarki: ruwa, ayaba, wando biyu, ledar amai. In sun farka, ku yi ta ƙirga raƙuma.

Allah Ya kiyaye hanya.