Matsayin Talla a Cikin Wasan Kwaikwayo na Rediyo

Idan maroƙi ya wasa attajiri a bainar jama'a, ba wanda ya ruɗu, domin kowa ya san don kyauta ake yin kirarin. Matsalar marubucin wasan rediyo ita ce mai sauraro ba ya ganin hannun da ya miƙa kuɗin, sai fa in an gaya masa.

Wannan matsala ta daɗe. A Amirka, dokar rediyo ta 1927 ta wajabta wa tashoshi bayyana wanda ya biya kuɗin abin da suka watsa. A 1933 kamfanin Procter & Gamble ya ɗauki nauyin wasan Ma Perkins, mai tsawon minti 15, don tallar sabulunsa Oxydol. Tun daga buɗe shiri ake ambaton sunan sabulun, kuma sanƙira, watau mai gabatarwa, shi ke yabon hajar.

Hikimar wannan tsari tana ga rabon muryoyi. Alal misali, a ce kamfanin sabulu ya ɗauki nauyin wasan Hausa, ya kuma nemi uwargidan da ke cikin labarin ta ce sabulun yana warkar da ƙazwa. Laifi biyu ke nan. Na farko, kamfanin bai kawo shaidar likita ba. Na biyu ya fi ɓuya, ya kuma fi muni: masu sauraro sun yi makonni suna jin wannan mata tana ba da shawara ta gari, sun amince da ita tamkar gwaggonsu, ga shi an sayar da amanar ba da saninsu ba. Gyaran shi ne a bar uwargida ta yi wankinta ba tare da ambaton sunan kowane sabulu ba. Sai ta rufe ƙofa, fitowa ta ƙare, a sa ɗan kiɗa, sannan sanƙira ya shigo ya ce kamfani kaza ne ya biya kuɗin shirin, ya faɗi abin da za a iya tabbatarwa kawai, kamar nauyin sandar sabulun da inda ake samunta. Kalmomi kamar 60 sun isa, watau wajen rabin minti.

Wasu marubuta kan ji tsoron wannan fayyacewa za ta katse zaren labari. Amma abin da ke katse shi rashin zaɓen gurbi ne. Tallar da ta faɗo ana tsakiyar faɗa, ko bayan an yi rasuwa, ita ke ɓata rai. Wadda ta zo a inda mai tatsuniya ma zai numfasa, ba ta cin kome.

Akwai hanyar gwaji mai sauƙi. A soke tallar, a karanta rubutun da ƙarfi. In labarin ya gurgunce, to, talla ta riga ta shiga bakin 'yan wasa, sai a koma a zare ta. In ya tafi sumul, sai a ba wani ya saurara da tallar, a tambaye shi wa ya biya, kuma a daidai ina aka fara cinikin.