Bashin dala, ciniki da naira: jawabin magatakardan ƙungiya

 

Maganata a kan masu karɓar kaya bashi da dala ne, su kai Katsina ko Kano su sayar da naira. Mai kaya dala ya rubuta a littafinsa, kuma dala zai karɓa. In naira ta faɗi kafin ranar biya, asarar a wuyanka take.

Ga lissafi. A ce ka karɓi kayan dala 10,000 a farkon 2023, lokacin da 'yan canji ke sayar da dala wajen naira 750. Bashinka naira miliyan 7 da rabi ke nan. Ka sayar a miliyan 9, ka ce ka ci riba. Ba ka biya ba sai Fabrairun 2024, dala ta kai naira 1,500. Miliyan 9 ɗinka dala 6,000 kawai za ta saya. Saura dala 4,000, alhali ba a ƙara maka ko sisi na ruwa ba.

Mai ciniki da sefa ma kada ya saki jiki. Da yuro aka ɗaure sefa, ba da dala ba, shi ya sa da yuro ya faɗi a 2022 ta bi shi.

Saboda haka, a riƙa sa farashi bisa canjin ranar. Abin da aka sayar a mayar da shi dala cikin makon, a rage bashi. Kada kuma a ba da kayan bashin dala bashi da naira.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.