Sunan Abokin Aiki A Bakin Ba'amirke

Unguwar Sedgefield tana kudu maso yamma da birnin Greensboro, a jihar North Carolina ta ƙasar Amirka. Mutanen waje sun fi saninta saboda filinta na wasan golf, wanda aka buɗe a 1926. Amma abin da zai ja hankalin masu sauraro shi ne Greensboro na cikin biranen Amirka da 'yan Jamhuriyar Nijar suka fi yawa, Hausawa da Zabarmawa. Akwai kuma mutanen tsaunukan Biyetnam, waɗanda aka fara sauke ayarinsu a jihar a 1986. Saboda haka a masana'anta guda, ko asibiti guda, sai a tarar da sunaye iri iri, kowa yana tuntuɓe da na ɗan'uwansa.

A ɗauki misalin mutumin Maraɗi mai suna Sha'aibu. A fasfonsa an rubuta Chaibou, domin rubutun Faransanci Nijar ta gada. Ba'amirke kuwa da ƙa'idar Ingilishi zai karanta: harufan ch su zame masa "c", ou kuma ta zama "au". Sai a ji shugaban aiki yana kiran "Caibau" ta lasifika, mai sunan yana tsaye bai san da shi ake ba. Idan canjin lokacin aiki ake sanarwa, ya wuce shi ke nan, kuma gobe shi za a ce ya yi kunnen ƙashi. Harshen Ba'amirken lafiyarsa ƙalau, domin duk sautukan "Shaibu" suna cikin Ingilishi. Rubutun ne ya ɓad da shi.

Maganin wannan shi ne kunne ya riga ido. Mai sunan ya faɗe shi a hankali, gaɓa gaɓa, abokin aikin ya maimaita nan take, a gyara masa tun bakinsa bai saba da kuskuren ba. Bayan haka sai a rubuta masa lafazin da ƙa'idar harshensa, alal misali SHY-boo, a ƙarƙashin sunan a katin ƙirji ko a ƙarshen wasiƙa. Manyan harufan suna nuna gaɓar da za a ƙarfafa, gama Ingilishi da ƙarfafa gaɓa yake tafiya, Hausa kuwa da hawa da saukar murya da tsawon wasali. Sai dai kada a taɓa rubutun da ke takardun albashi. Tilas ya dace da na takardun hukuma, in ba haka ba a sayo wata wahalar.

Akwai inda dabarar take tsayawa. Sautukan ɗ da ƙ da ts irin na Hausa babu su a Ingilishi, kuma baligi ba ya koyonsu a rana ɗaya. Wanda ya ce "Danladi" da d, ya cika gaɓoɓi uku, wasulan suka fita daidai, ya yi abin da ake nema. Ɓarnar tana wajen wanda ya gutsure sunan ya ce "Dan", yana zaton kamar Daniyel ne. Ya kamata a bayyana masa cewa Ɗanladi yaro ne da aka haifa ran Lahadi, kuma "ɗan" shi kaɗai rabin magana ne. Wanda ya san ma'anar suna ba ya saurin mance shi.

Bahaushe ma yana da nasa bashin. Bakinsa yakan mai da p ta zama f, v ta zama b, ya kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe, har Smith ya koma "Simit". Sunan Sean kuwa "Shon" ake faɗinsa, abin da ba mai gane shi daga rubutu. In ma'aikata suka zauna kowa ya koya wa kowa, ba wanda zai ji an ware shi.

Kuskure daban, taurin kai daban, kuma shari'ar Amirka ta rarrabe su. Wani ma'aikaci ɗan asalin Masar, Mamdouh El-Hakem, ya kai ƙarar kamfanin BJY saboda shugaban kamfanin ya nace da kiransa "Manny", duk da ya sha nuna bai yarda ba. Masu taimaka wa alƙali suka yanke a biya shi dala 30,000, rabi diyya rabi horo, kuma a 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da jihohin yamma ta tabbatar da hukuncin. North Carolina ba ta ƙarƙashin wannan kotu, amma dokar da aka yi hukunci da ita ta tarayya ce, tana aiki a Greensboro kamar yadda take aiki a can. Abin da ya ja wa shugaban hukunci shi ne an gaya masa sau da dama, ya ci gaba har kusan shekara guda.