Lambobi Shida Daga Sirri da Agogo



Duk wanda ya taɓa jiran lambar banki ta saƙon tes a ƙauyen da sabis ke ɗaukewa ya san takaicin abin. Amma lambobi shidan da Google Authenticator ke nunawa suna canzawa ko waya ba ta da layi, domin ba aiko su ake yi ba. Waya da saba kowanne na lissafa nasa, daga sirri ɗaya da suka raba ranar da ka ɗauki hoton QR, da kuma agogo. Tsarin shi ne TOTP, wanda RFC 6238 ta bayyana a 2011.

Ana ƙirga sakan nawa suka wuce tun 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC, a raba da 30, a yar da ragowar. Abin da ya fito shi ne T. Sai a rubuta T cikin bayit 8, a haɗa shi da sirrin ta HMAC-SHA1, a sami bayit 20.

Mu gwada da misalin takardar kanta. Sirrin `12345678901234567890` ne, lokaci sakan 59, don haka T ɗaya ne. Sakamakon:

```
75a48a19d4cbe100644e8ac1397eea747a2d33ab
```

Ku dubi harafin ƙarshe, `b`, wato 11. Shi ke nuna inda za a yanka. Ku ƙirga bayit daga sifili zuwa na 11, ku ɗebi huɗu: `c1397eea`. A kashe bit na farko don kada wata na'ura ta ɗauki lambar a matsayin ƙasa da sifili, ya koma `41397eea`, wato 1094287082. Shidan ƙarshe, 287082, su ne lambar. In manhajarku ba ta ba da wannan ba, ku fara duba ko kun rubuta T cikin bayit 8 da babban bayit a gaba. Sirrin da ke cikin QR kuwa a Base32 yake, sai an warware shi tukuna.

Inda na fi so ku sa ido shi ne agogo. Takardar ta ba da shawarar saba ta yi uzurin taki ɗaya kacal, wato sakan 30, saboda jinkiri, kuma ina goyon bayan wannan tsauri, domin kowane taki da aka ƙara dama ce ga mai cinke. Ga wayar hannu da aka saya a kasuwa, yankin lokacinta na kan UTC, mai ita ya gyara agogo da hannu ya dace da lokacin Najeriya. A fuska daidai take, amma a lissafi ta yi gaba da awa guda, taki 120. Alamarsa ita ce kowace lamba a ƙi ta, safe da yamma, alhali wata wayar mai sirri iri ɗaya tana shiga. A gyara yankin lokaci, a bar waya ta saita agogonta da kanta.

Lambar da saba ta karɓa sau ɗaya kuma, kada ta sake karɓarta ko da sakan 30 ɗin ba su cika ba.